Rigar Simintin da Na Sa wa Soron Yaya

Faci nake yi a bakin tasha, kusa da shingen boda, inda manyan motoci suke jeruwa kafin a sallame su su wuce Maraɗi. Idan na liƙe tub sai na tsoma shi a ruwa sau biyu, wani lokaci sau uku. Direbobi suna yi mini dariya, amma wurina suke dawowa. A sana'ata duk abin da iska take ratsawa lalatacce ne, kuma da wannan tunanin na taɓa ginin da bai kamata in taɓa ba.

Mahaifinmu magini ne. Ni ban gaje shi ba, yayana ne ya gaje shi. Da na gama firamare aka kai ni koyon faci, saboda ina jin jiri idan na hau katanga. A gidanmu akwai soro guda da Baba ya gina tun kafin a haife ni, kuma da ya rasu Yaya ya koma cikinsa. Kaurin bangon daga ƙasa kamu biyu ne, yana raguwa yayin da yake hawa. Rufin a tashe yake, bakan gizo biyu sun gitta juna a tsakiya, wato azarar giginya da aka ɗaɗɗaure hawa-hawa daga bango aka lulluɓe da ƙasa har ta lanƙwaso ta haɗu a sama. Taga biyu ce kawai, ƙanana, can kusa da rufi, ɗaya kudu ɗaya arewa. Ko kan mutum ba ya shiga. Da bazara, lokacin da kwalta take narkewa a bakin tasha, idan ka shiga soron nan sai ka ji kamar ka sa ƙafa a gindin randa.

Amma ginin ƙasa yana son hidima. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Yaya yakan jiƙa makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ya kwaɓa ƙasa da ruwanta, ya hau ya yaɓe rufin da inda ruwan bara ya ci a jikin bango. Yakan share bakin indararo da hannunsa. Bayan ruwan farko kuma sai ya sake hawa ba takalmi, yana bi yana taka rufin da dunduniya, duk inda ya ji laushi ko ya ga tsaga ya toshe. Ni aikina in tsaya a ƙasa ina miƙa kwano ina cewa ya yi a hankali.

"Auta, in na faɗo ma a kanka zan faɗo, kai dai riƙe tsani," haka yakan ce.

Bai faɗo ba. A zaune ciwon ya same shi, yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna gidajensu, saboda haka kula da shi ya dawo hannuna da na maiɗakina. Aka kwantar da shi asibiti a Katsina wata biyu, babbar 'yarsa tana jinya, ni ina zuwa ina dawowa. A wannan tsakani ne hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Na tsaya gaban soron na duba, na ga inda ruwan bara ya zaizaye. Ban iya yaɓe ba. Maginan ƙasa da na sani, wasu sun mutu, wasu sun koma ɗora bulo. Kuma a damunar da ta gabata wani direba ya ba ni labarin ɗaki da ya rufta kan wata tsohuwa a wajen Daddara. Tun daga ranar labarin bai bar kaina ba. Ina cikin liƙe tub sai in ga rufin nan yana saukowa kan Yaya, shi kuwa ba ƙafar gudu. Na ce a raina, ko na sami mai yaɓe bana, baɗi fa? Shekara ta uku fa? Gara in yi abin da za a yi sau ɗaya a huta.

Na sayar da baburina na kira masu filasta, waɗanda suka yi mini ɗakin bulo biyu a bayan gida. Na tambayi babbansu ko siminti yana kama ƙasa. Ya ce sun yi wa mutane da yawa, ana kafa ƙusoshi a bango a ja waya, sai ya kama. Na sake tambaya washegari, ya sake ce mini haka. Cikin kwana huɗu suka lulluɓe soron, bango da rufi, har zankwayen da suke tsaye a kusurwa. Ya fito sumul, toka-toka. Maƙwabta suka shigo suna sa mini albarka. Wani ya ce ba kowane ƙane ne zai yi wa wansa haka ba. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Ranar da aka dawo da Yaya, ni da wani maƙwabci muka riƙo shi daga mota. Da muka shigo tsakar gida ya tsaya. Ya ce mu matsa da shi jikin bangon. Ya ɗora tafin hannunsa mai lafiya a kai, ya daɗe. Lokacin maganarsa ba ta fita sosai, sai mutum ya kasa kunne.

"Wa ya yi?"

"Ni na sa aka yi, Yaya. Don kada ka sake damuwa da hawa."

Tsakar gidan cike take da masu sannu da zuwa. Ya dube su, ya dube ni.

"An gode," ya ce. "Allah shi saka."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na ga wani abu a fuskarsa, amma fuskar ta riga ta karkace da ciwo, sai na ɗora wa ciwon.

Damunar farko ba abin da ya faru, na yi barci da daɗi. Da rani ya yi sai yaron da na sa ya hau duba rufi ya ga tsaga siririya kamar gashi a kan simintin rufi, da wata a gefen indararo. Na dama siminti a gwangwani na sa aka toshe. Bayan damuna ta biyu tsagar ta dawo da 'yan'uwanta, na sake sa aka toshe. A lokacin ne na fara jin wani wari idan na shiga gaida Yaya da safe, irin na tsohuwar rijiya. Daga ciki, gindin bangon gabas ya yi duhu, kuma wani farin gari kamar kanwa yana fitowa a kai. Na shafa, ƙasa ta biyo yatsana.

Abin da na yi a nan shi ya fi damuna har yau. Na ce danshi ne yake shigowa, sai na sa aka shafe gindin bangon daga ciki shi ma, daga daɓe zuwa ƙugu. Yaya yana kwance yana kallo ana yi. Bai ce a bari ba. Da aka gama sai ya ce in ja masa gadonsa daga gabas in mayar yamma, wai yana son ya riƙa ganin ƙofa. Na ja. Na yi kwanaki ina juya maganar, don daga gabas ma ana ganin ƙofa. Sau biyu na shiga da niyyar in tambaye shi, sau biyu na gaishe shi na fito.

A bazara ta huɗu ne ƙungiyar direbobi ta ce za ta gina ɗakin hutawa a gefen tasha. Wanda suke da shi na bulo ne da kwano, daga hantsi ba mai iya zama ciki, sai ka ga manyan mutane kwance a ƙarƙashin motocinsu suna jiran takardun kwastan. Suka ɗauko wani mai zanen gini daga Katsina, matashi, ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu. Muna kiran sa injiniya, ko da yake ya ce shi ba injiniya ba ne. Wata rana tayarsa ta yi faci, yana zaune a bencina yana fifita da takarda, sai ya tambayi direbobin da suke wurin ina ne ɗakin da ya fi sanyi a garin nan wanda ba na'urar sanyaya ɗaki a ciki. Biyu daga cikinsu suka nuna ni.

Na kai shi bayan azahar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya ɗaga kai yana kallon sama. Ya fito da wani ɗan abin awon zafi, ya ajiye a ƙasa, ya fita da shi waje, ya dawo yana girgiza kai.

"Baba, wa ya gina wannan?"

"Ubanmu. Ni na miƙa tubali." Zuwa lokacin bakin Yaya ya ɗan saki, ana gane shi. "Kai ne za ka gina wa direbobi tanda ta biyu?"

Injiniya ya yi dariya. "Ita nake gudu, Baba, shi ya sa na zo makaranta."

Ya zauna a tabarma ya buɗe littafinsa. Rabon da in ga Yaya ya gyara zama haka tun kafin ciwo. Injiniya ya ce a makaranta an koya musu cewa bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki rana ta faɗi, sai bangon ya huce da iskar asuba. Bulo kuwa siriri ne kuma cikinsa rami, zafi ba ya daɗewa a hanya.

"Sai da kuka biya kuɗi aka gaya muku wannan?" in ji Yaya. "To rubuta wanda ba su gaya maka ba. Bangon yamma shi za ka fi ba kauri, don ranar la'asar ta fi ta safe mugunta. Kada ka buɗe taga gabas, daga can ruwa yake bugowa. Yamma ma kada ka buɗe."

"Su direbobin gilashi suke so, Baba, babba, irin na banki."

"Su shiga mota su rufe gilashi da tsakar rana, su ji."

Injiniya ya nuna tagogin nan biyu ya tambayi dalilin da aka kai su sama haka. Yaya ya ce in ɗauko tsumma in kunna masa wuta a bakin ƙofa. Na yi, ina tsoron tabarma. Hayaƙin ya shigo ta ƙasa, ya hau a hankali cikin tashin rufin, ya tattaru, ya bi tagar arewa ya fice.

"Zafi ma hanyarsa ke nan," in ji Yaya. "Sama yake so. In rufinka ya yi ƙasa, a kanka zai zauna. Ka ba shi wuri, ka ba shi ƙofa ƙarama, ya tafi abinsa."

Sai injiniya ya zana masa abin da yake nufin yi. Ya ce ba zai iya bakan gizo ba, ba shi da masu yi, kuma azara ta yi wuya. Zai buga tubalin jar ƙasa da injin matsewa, ya yi bango mai kauri a kan harsashin dutse da siminti wanda ya ɗago daga ƙasa. Zai rufe ɗakin da silin mai nauyi, sannan ya ɗaga kwano a bisa ƙarfe, tsakaninsa da silin sarari ne buɗe ta kowane gefe, don iska ta riƙa kwashe zafin kwanon kafin ya sauko. Kwanon kuma zai zarce bango sosai, ya yi masa inuwa ya kare shi daga ruwa.

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. "Wannan ba laifi. Ka raba kwano da ɗaki, kowa ya yi harkarsa. Amma ka ɗaure shi da kyau, iskar farkon damuna a nan ba ta da kunya."

Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin daɗi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai shi ya sa na sa aka yi masa siminti, don ya daɗe."

Injiniya ya ce bari ya auna kaurin bango daga waje, na bi shi. Ya zagaya gabas, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ni ma na ji. Ƙara ce irin ta ƙwarya da aka kife. Ya bi bangon tun daga kusurwa har kusurwa, ko'ina haka.

"Malam, shekara nawa da yin wannan?"

Na gaya masa. Ya tambaya ko ciki ma an shafe, na ce daga ƙasa zuwa ƙugu. Ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai ladabi, ya yi ta neman yadda zai faɗa. Ya ce ƙasa tana shan ruwa da damuna, ta sama da ta gindi, amma rana da iska suna busar da ita ta jikin yaɓe. Siminti ba ya motsi tare da ƙasa, dole ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar. In ya shiga kuma ba hanyar fita, sai ya zauna a ciki shekara da shekara.

"Amma kai ma ka ce za ka sa siminti," na ce.

"A harsashi, Malam, don ya raba bango da danshin ƙasa. Ba zan rufe wa bangon jiki ba."

Muka koma ciki. Injiniya ya fara magana a hankali, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Na ji ƙwanƙwasarku. Tun damuna ta biyu nake jin sa yana saki daga ciki. Duba can." Ya nuna gindin bakan gizo a bangon gabas, sama da inda gadonsa yake a da. Akwai tsaga a karkace, yatsa zai shiga. Kullum ina shiga ɗakin, ƙasa nake duba, ban taɓa ɗaga kai wurin ba.

"Yaya, ka sani?"

"Ni da na miƙa tubalin?"

"Me ya hana ka faɗa? Ranar da ka dawo, da ka ce a ɓamɓare, ai da an ɓamɓare."

"A gaban mutane? Ka sayar da baburinka ka yi mini abu, gari na sa maka albarka, in ce ka ɓata?" Ya numfasa. "Na ce bari a kwana biyu. Da aka kwana biyu na ga kana barci, ka daina zuwa kana leƙa rufi. Na ce bari a ci damuna guda. Daga nan kuma maganar ta tsufa."

"Da na ciki fa? Kana kallo aka yi."

"Wanda bai hana na waje ba, da wane baki zai hana na ciki? Kai ma ka ga na ja gado, Auta. Mi ya hana ka tambaya?"

Injiniya ya tattara littafinsa ya ce zai jira a waje.

Washegari na rufe wurin faci. Muka sa guduma a gefen bangon gabas, a hankali, kamar yadda injiniya ya ce. Simintin ya ɓallo falle-falle, wani kamar faifai, wani kamar ƙyaure. A bayansa ƙasar baƙa ce, da sanyi, a tsakiyar bazara. Na cusa hannu ya shige har wuyan hannu. Tubalin ba su da siffa kuma, sun zama abu guda kamar tuwon da ya kwana. Gara ta yi hanyoyi a ciki tana cin ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita.

Ban yarda an gama ba. Aka ce akwai wani tsohon magini a Gangara, abokin aikin Yaya a da. Na hau mota na ɗauko shi. Suka gaisa suna zolayar juna, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fi shi lalacewa. Sannan tsohon ya zagaya soron da sandarsa yana soka, ya shiga ya tsaya ƙarƙashin tsagar. Na bi shi ina jero tambayoyi: a tokare da itace, a sake gina bangon gabas kaɗai, a ɗora kwano a sama ya tare ruwa.

"Bango ana sake shi," ya ce. "Amma ƙafar baka a cikinsa take. Biyu daga huɗu sun zauna a kan laka, ƙarshen azarar ya ruɓe. Da watan sanyi ne, da sai in ce a tone a bar shi ya sha iska a gwada. Yanzu ruwa saura kwana nawa?" Ya juya wurin Yaya. "Kai ka fi ni sani. In ɗakin wani ne, mi za ka ce masa?"

Yaya ya kalli rufin. "In ce ya fitar da tabarmarsa."

Ranar Juma'a bayan an sauko muka mayar da shi ɗakin bulo na bayan gida. Maiɗakina ta share ta yayyafa ruwa, ta rataya jiƙaƙƙen buhu a taga. Tagar babba ce, yamma take kallo, ni na ce a yi ta haka lokacin gini don haske. Da muka kwantar da shi ya ɗaga ido ya ga kwano a kusa, ya ce, "To, ga mu a gwangwani." Maiɗakina ta yi dariya don ta taya shi, ni na fita.

Na so a bar soron a tsaye a rufe ƙofa. Yaya ya ce a'a, jikoki suna zuwa, kuma ginin da aka rushe da hannu ana tsira da azararsa. Ya sa aka fito da shi kan kujera a inuwar darbejiya, shi yake ba da umarni: a fara da tsakiyar rufi, a kwance ɗaurin daga sama zuwa ƙasa, kada kowa ya tsaya gabas. Kwana uku ana yi. Igiyar da Baba ya ɗaure azara da ita tana nan da ƙullinta. Bangon yamma da na kudu sai da aka sha wuya, ƙasarsu a bushe take kamar dutse in ban da gindi. Wannan ya ƙara mini ciwo, don na ga irin shekarun da suka rage masa.

Injiniya ya dawo ana cikin rushewa. Ya auna abin da ya samu, ya ɗauki hoton yadda aka jera azarar. Kafin ya tafi ya duba ɗakin bulon, ya ce in kafa ginshiƙai a waje in yi rumfar zana a saman kwanon, in bar sarari kamu guda tsakani, in kuma jingina wata zanar a tagar yamma daga waje. Da azarar soron muka yi rumfar. Ta rage, ba zan ce ba ta rage ba. Amma bangon yana nan yadda yake, siriri, daga la'asar in ka taɓa shi daga ciki kamar ka taɓa bayan tukunya.

An gama ɗakin direbobi bayan shekara. Sun yi ta gardama a kan tagogi, wasu suna cewa an gina musu rumbu, har aka ƙara musu guda babba a kudu ƙarƙashin inuwar kwano. Yanzu da rana ba a samun wurin shimfiɗa a ciki, har mutanen ƙetare suna tsallakowa su kwanta. Daga bencina ina ganin sa, ja, kwanonsa a ɗage kamar ba a jikinsa yake ba. Sau ɗaya na kai Yaya a keken guragu. Ya sa aka zagaya da shi, ya taɓa bangon yamma, ya ce kaurin ya yi. Ya ce tagogin sama da an ƙara musu taƙi guda. Direbobi suka ce ya riƙa zuwa kullum yana wuni, wurinsa ne. Ya yi godiya. A hanya ya ce kada in sake kawo shi, mai ciwo irin nasa ba ya wuni a cikin mutane, akwai larurar da sai a gida.

Tarin ƙasar soron ya yi damuna biyu a tsakar gida. Na riƙa cewa za a buga tubali da ita a gina masa ko ɗan ƙarami ne mai rufin shimfiɗe. Tsohon na Gangara ya ce zai zo bayan girbi, bayan girbi ƙafarsa ta kumbura, daga baya aka aiko mana da rasuwarsa. Samarin da na yi wa magana suka ce su bulo suka iya, ƙasa aikin wahala ne. Injin da aka matse tubalin direbobi da shi an mayar da shi birni. Kowane ruwa yana ɗiban tarin yana bi da shi ta magudana. A ƙarshe Yaya ya ce in sa a kwashe a kai gonarmu ta Magama, tsohuwar ƙasar ɗaki taki ce, kada ta tafi a banza. Amalanke bakwai aka yi.

Yanzu idan bazara ta kama, ina rufe wurin faci da azahar in koma gida. Direbobi sun saba, masu gaggawa suna zuwa wurin wani. Ina jiƙa buhu, in yayyafa wa daɓe ruwa, in zauna kusa da gadon da mafici. Bayansa yana yin ƙuraje saboda gumi, sai an riƙa juya shi. Ba ya maganar soron, ni ma ba na yi. Wani lokaci yana barci, wani lokaci idonsa biyu yana kallon kwano. Idan hannuna ya gaji na sauya, yakan ce, "Je ka wurin aikinka, Auta, ba abin da zai faɗo." Ina cewa to, sai in ci gaba da fifita har a kira la'asar, in juya shi ya fuskanci bangon da rana ba ta kai ba.